Layi uku sun isa a kwantar da mutum a asibitin ƙwaƙwalwa bisa tilas?

Dakta Auwal: Salam ƴan uwa. Jiya ƙarfe biyun dare aka kawo min wani ɗan kasuwa daga kasuwar Mil 12 ta Legas, yayansa da yaran shago biyu suka riƙo shi, ya ce ba zai kwanta ba. Na ba shi gado bisa tilas na rubuta: yana da haɗari ga kansa da wasu, bai san ba shi da lafiya ba, yana buƙatar kwanciya. Da safe oga ta dawo min da fayil wai ban rubuta dalili ba. Ni dai ra'ayina layi ukun nan sun isa, duk wanda ya ga mutumin ya san ba lafiya.

Nas Garba: Ina bayanka Dakta. Shekara goma sha ɗaya ina dutin dare, haka kowa yake rubutawa. Mutum yana ihu, ƴan uwansa suna ihu, wasu biyar suna jira a benci, kai kaɗai ne likita, yaushe za ka zauna rubuta labari. Muhimmin abu sa hannun ɗan uwansa, in yayan ya sa hannu shikenan ka rufa wa kanka asiri.

Dakta Hajara: Garba sa hannun yaya ba ya maye gurbin yardar babban mutum baligi fa, shaida ce kawai ta cewa dangi suna wurin kuma sun sani. Auwal ƙanina ka ce duk wanda ya gan shi ya sani, to ai matsalar ke nan, wanda zai karanta fayil ɗin bai gan shi ba. Likitan da zai zo zagaye bayan kwana goma zai tarar da mutum ya sha magani ya yi barci ya yi wanka yana gaishe shi da ladabi yana cewa yayana ne ya haɗa baki da ku don ya cinye min jari. Me zai duba ya san ko gaskiya ne? Layinka uku za a iya kwafe su a manna a fayil ɗin kowa a ɗakin, har wanda aka kawo don rigimar gado. Faɗa min, me ya yi da ka ce haɗari?

Dakta Auwal: Ranki ya daɗe, zan ɗan sauya wasu abubuwa don kar a gane shi. Kwana biyar bai runtsa ba. Shekaranjiya da yamma an tsamo shi daga tsakiyar titin Ikorodu wajen Ketu yana tare motoci da hannu wai ba ƙarfen da zai taɓa shi. Ya rabar da buhun albasa tara kyauta. Da ma yana shan olanzafin miligiram 10 tun wata kwanciya da ya yi shekara biyu da suka wuce, ya daina sati shida ke nan. Yayan kuma ya ce ya ɗauki wuƙa.

Dakta Hajara: To ka gani, duk wannan yana kanka amma ba ko ɗaya a takarda. Yanzu mu tsaya a kan wuƙar don nan ake yawan zamewa. Wa ya gani? Yaushe? Ya nuna wani da ita ko a hannunsa kawai take, mutumin da sana'arsa ke nan wuƙa tana gefensa kullum?

Dakta Auwal: Gaskiya ban bi diddigi ba. Ɗazu na sake tambayar yaron shago ya ce yanka igiyar buhu yake yi yana surutu, yayan ya tsorata ya ƙwace.

Dakta Hajara: Ka ji ko. Da ka rubuta "ya zare wuƙa" da ta bi shi har abada, duk likitan da ya buɗe fayil bayan shekara biyar zai ɗauke shi mai kai hari, masu duti su riƙa saurin ɗaure shi. Haɗarin da ka tabbatar a kansa yake, titin nan ne. Don haka ka raba su. Ka rubuta ranar da lokacin, ka ce mutum biyu sun shaida sun janye shi daga tsakiyar titi, kuma in ka tambaye shi da kanka ya ce in an sake shi can zai koma saboda an ba shi aikin tsayar da motocin Legas, ka sa maganarsa yadda ta fito daga bakinsa. Wuƙa kuma ka ce yayansa ya faɗa, yaron shago ya ba da wani bayani daban, ban samu shaidar ya yi wa kowa barazana ba. Abin da ka gani da idonka daban, abin da aka gaya maka daban da sunan dangantakar wanda ya faɗa. Ka ƙara da ko ka tambaye shi tunanin kashe kansa da abin da ya amsa, ko da a'a ce, da sakamakon suga da zafin jiki da tambayar tiramol ko wiwi, don mai karatu ya san ka duba ba zazzaɓi ko ƙwaya ce ta ruɗa shi ba.

Malam Tanko Agege: Ku yi haƙuri ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma wannan da kuke faɗa alamun shafar aljanu ne sak, rashin barci da jin ƙarfi. Me ya sa ba a fara kai shi ruƙiyya ba kafin a kulle shi? Ku likitoci da mutum ya ce aljani sai ku rubuta bai san ciwonsa ba.

Dakta Hajara: Malam ba a kan inda za a kai shi muke ba, amma ƙarshen maganarka ka taɓo abu na gaske. Mutum ya ce sammu aka yi min ko iska ce, wannan kaɗai bai isa a rubuta bai san ba shi da lafiya ba, rabin garinmu haka za su fassara. Ina da marasa lafiya da suke cewa iska ce amma suna zuwa karɓar allurar wata ba fashi, suna shan rubutunsu a gida, ba ruwana. Abu uku nake tambaya: ka yarda wani abu ya sauya a tare da kai? Wannan abin da kake ji, cewa mota ba za ta taɓa ka ba, zai yiwu daga rashin lafiya ne? Za ka karɓi taimako? Wani zai amsa na farko ya ƙi na biyu, wani ya ƙi biyun farko amma ya ce ba ni maganin in samu barci. Kowanne da amsarsa za ka rubuta. Kuma ko duka ukun ya ƙi, wannan shi kaɗai ba dalilin tsarewa ba ne, sai ka nuna yadda rashin ganewar ya haɗu da haɗarin, wato saboda ya yi imani ƙarfe ba ya kama shi shi ya sa ba zai kauce wa mota ba kuma ba zai sha magani ba.

Barista Nura: In sa baki ta ɓangarenmu. Dokar mahaukata ta 1958 da muka gada ita ce ta saba wa mutane da wannan gajeren rubutu, don a lokacin ba a ɗauki mara lafiyar a matsayin mai haƙƙin tambaya ba. Yanzu akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta 2021 da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, Legas ma tana da tata ta jiha. Kundin tsarin mulki sashe na 35 ya ba kowa ƴancin walwala, ya yarda a tsare mai taɓin hankali don kula da shi ko kare jama'a, amma in mutum ya kai ƙara ku ne za ku nuna dalili, kuma alƙali takarda zai duba. In na samu layi uku irin na Dakta Auwal a matsayin lauyan mai ƙara wlh tambaya ɗaya zan yi, wane haɗari, a wace rana.

Nas Garba: Barista na ji, na kuma yarda da batun wuƙa. Amma wannan da ake cewa a rubuta "hanyoyi masu sauƙi da aka duba" kafin a kwantar da mutum bisa tilas, ni a ganina kwaikwayon Ingila ne. Ƙanwata tana aiki can, ta ce dokarsu ta 1983 sashe na 2 kwana 28 ne, likita biyu da ma'aikacin walwala, kuma suna da tawagar da ke zuwa gidan mutum safe da yamma ta ba shi magani. Mu wace tawaga gare mu? Daga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba zuwa Ikorodu a gosulo? Sai mu rubuta mun duba abin da babu shi?

Dakta Hajara: A'a, kar ka rubuta abin da babu, ƙarya ce. Amma akwai abin da muke da shi. Na farko an ba shi zaɓin ya kwanta da yardarsa? Auwal ka tambaye shi ko kuwa da ka ga an riƙo shi sai ka wuce kai tsaye?

Dakta Auwal: Na tambaya sau ɗaya yana tsaye ana riƙe da shi.

Dakta Hajara: Wannan ba tambaya ba ce, ko ni aka riƙe haka a'a zan ce. A fitar da yayan, a ba shi wuri ya zauna, a ba shi ruwa, a miƙa masa maganin sha, bayan minti talatin ko awa ɗaya a sake tambaya. Wasu suna yarda su kwana ɗaya zuwa safe. In ya ƙi, ka rubuta lokutan biyu da abin da ya ce. Sai gida: wa zai zauna da shi dare da rana, a ina yake kwana, wa zai riƙe maganin, za su iya dawo da shi bayan kwana biyu? In amsar ita ce a rumfar kasuwa yake kwana tare da yara, matarsa tana Arewa, yayan direban tirela ne gobe zai kama hanya, kuma rumfar taku kaɗan ce daga titin da aka tsamo shi, to ga dalilinka nan na cewa gida ba zai yiwu ba, layi biyu ne. Ai ko Dakta Lambo, likitan ƙwaƙwalwar da ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954 da dangi ya yi aiki, marasa lafiya suna kwana a gidajen ƙauye da ɗan uwansu suna zuwa asibiti da rana, ba daga Ingila muka fara jin wannan ba.

Maman Ilham: Ni abin ya taɓa faruwa a gidanmu. Ƙanwata bayan haihuwa da sati biyu ta rikice, mijin ya kai ta wani asibiti aka riƙe ta sati uku, ba wanda ya kira mu, alhali ni da Inna muna nan Obalende da za mu iya zama da ita. Wataƙila kwanciyar ce daidai, don daga baya ta gaya min ta riƙa jin ana ce mata jaririn ba nata ba ne. Amma da ta warke ta nemi a gaya mata me ya sa, aka buɗe fayil aka karanta mata kalma biyu, wai ba ta da haɗin kai. Har yau abin yana cinta, nonon ma ya ƙafe kafin ta fito.

Dakta Hajara: Allah ya ƙara mata lafiya Hajiya. Irin nata yawanci kwanciya ake yi don ciwon bayan haihuwa yana juyawa cikin awoyi, amma ya kamata a ce an kira ku an kuma rubuta me ya sa zama da ku bai isa ba.

Nas Garba: Duk na ji, amma har yanzu ina nan a kan cewa ƙarfe biyun dare likita ɗaya ba zai iya wannan duka ba. Sai dai a buga fom mai gurabe a riƙa cikewa.

Barista Nura: Fom yana da kyau in gurbin rubutu ne, in akwatin kyasta ne kawai an koma gidan jiya.

Dakta Auwal: Na sake rubutawa, layi goma sha huɗu, minti goma ya ɗauke ni. Na sa kwanan watan yau da lokaci a matsayin ƙari, ban taɓa na daren jiya ba. Na cire "da wasu". Abin da ya rage min, yanzu ya yi barcin awa tara ya tashi yana cewa zai sha magani amma a sallame shi gobe saboda motar albasa za ta iso, kuma har yanzu da na tambaye shi batun titi murmushi kawai ya yi.

Dakta Hajara: Rubuta murmushin da tambayar da ka yi masa. Ka nemi lambar matarsa ka ji ko akwai wanda zai iya zuwa ya zauna da shi, sai ku kai wa ogarka a zagayen safe.