Ranar Alhamis za a tambaye ni nawa nake so, ban taɓa karɓar albashi ba

Mai tambaya (a sakaya sunana): Assalamu alaikum 'yan uwa. Na karanta akanta a KASU, jami'ar jihar Kaduna, na gama bautar ƙasa. Kawuna, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya haɗa ni da wani abokinsa manaja a wani kamfani a Kakuri. Sun yi makaranta tare, har shi ya yi masa abokin ango. Na yi intabiyu sau biyu, sun ce in dawo Alhamis a yi maganar kuɗi. A waya matar ofishin ta ambaci dubu 150. Ni ban da alawus na dubu 77 ban taɓa karɓar komai ba. A Rigasa nake. In nemi ƙari ko in yi shiru?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ƙanena, karɓi abinka ka gode wa Allah. Masu digiri nawa ke tuƙa Keke a garin nan? Mafi ƙarancin albashi a Kaduna dubu 72 ne, an ninka maka, me kuma kake nema?

Anti Mai Lissafi: Baban Ilham, dubu 72 ɗin nan gwamnatin jiha ce ta sanar wa ma'aikatanta a 2024. Na ƙasa baki ɗaya dubu 70 ne, kuma ƙasan tukunya ne, ba da shi ake auna mai digiri ba. Kai kuma ƙanena, akwai abin da ba ka faɗa mana ba. Dubu 150 ɗin, shi ne zai shigo asusunka, ko kafin a yi cire-cire ne? Na shekara da shekaru ina haɗa takardar albashi, kuma kusan duk yaron da ya zo ofishina da fushi a ƙarshen watan farko, tambayar nan ce bai yi ba.

Bari in yi maka lissafin, a ɗauka kafin cire-cire ne. Fansho za a cire maka kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya zuba nasa kashi 10. Idan a kan duka kuɗin suka lissafa, dubu 12 ta tafi, saura dubu 138. Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, dubu 800 na farko a shekara ba a taɓa su, abin da ya hau kai a matakinka kashi 15 ne. Kuɗinka na shekara bayan fansho miliyan ɗaya da dubu 656 ne, ka cire dubu 800, saura dubu 856. Kashi 15 ɗinsa ya kama wajen dubu 10 da ɗari 7 a wata. To abin da za ka gani a waya bai wuce dubu 127 da 'yan kai ba. Yanzu faɗa min, nawa kake kashewa daga Rigasa zuwa Kakuri ka dawo?

Mai tambaya: Anti, ranar intabiyu dubu ɗaya da ɗari 6 na kashe, hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa. Maganar cire-cire kuwa ban tambaya ba. Ai ba daɗi mutum bai fara aiki ba ya fara ƙididdiga, balle Kawu ne ya yi hanya.

Anti Mai Lissafi: Kamfanonin Kakuri da yawansu har Asabar ake fita. Kwana 26 ke nan, dubu 41 da ɗari 6 a mota kaɗai. Abin da ya rage maka wajen dubu 85 ne, ba ka ci abincin rana ba. Ka ga ka tashi daga 77 zuwa 85, ba zuwa 150 ba. Wannan lissafin shi ne hujjarka tunda ba ka da tsohon albashi. Kuma kada ka ambaci alawus ɗin nan da bakinka, in ka faɗe shi a kansa za su ɗora. In sun tambaya, ka ce wannan alawus ne na hidimar ƙasa, ba albashin aiki ba.

Ɗan Tudun Wada: Ni dai nawa ya ishe ni darasi. Wani kamfani ya ce min in fara da dubu 90, bayan wata shida na gwaji za a ƙara. Da baki aka faɗa, muka yi musabaha. Wata na shida manajan ya bar aiki, sabon ya ce bai san zancen ba. Yau wata goma sha tara. Jiya ma sai da na ranci kuɗin mota wajen mai shayin bakin layinmu.

Maman Hanif: Ai ba a ciniki a albashi. Mai digiri mataki na 8 ake ɗaukarsa, kowa ya sani. Maigidana haka ya fara.

Anti Mai Lissafi: Maman Hanif, wannan aikin gwamnati ne, shi kamfani zai shiga. Amma maganar Ɗan Tudun Wada ka riƙe ta da kyau. Duk abin da ba ya cikin takardar ɗaukar aiki, babu shi.

Ga yadda zan yi da ni ce. Ka fara da godiya, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, dubu 150 ɗin da aka ambata, bayan fansho da haraji ne ko kafin?" In suka ce kafin ne, ka ce ka lissafa kuɗin mota daga Rigasa, kana roƙon a duba yadda abin da zai shigo hannu zai kai 150. Wannan yana nufin jimla wajen dubu 180. Ka faɗi lamba ɗaya ka yi shiru. Kada ka ce "tsakanin 150 da 180", na ƙasan kaɗai suke ji. Kuma kada ka kawo kuɗin makarantar ƙannenka, kamfani ba ya biyan tausayi. Ka kawo abin da ka iya: in ka riƙe littafin kuɗi a inda ka yi bautar ƙasa, ko ka iya Excel sosai, shi za ka faɗa. In suka ce 150 ne ba ƙari, tambayi ko akwai motar ma'aikata, ko abincin rana, ko inshorar lafiya, kuma a rubuta watan da za a duba albashin da adadin da zai koma.

Baban Ilham: Hajiya, ke kina magana ne daga kan kujera. Na san yaron da ya nemi ƙarin dubu 20, aka ce za a kira shi, har yau. Ga kuma kunyar kawu.

Anti Mai Lissafi: Yana faruwa, ban musa ba, musamman a wurin da mai kamfani shi ne komai. Shi ya sa na ce roƙo, ba sharaɗi ba. Amma mutanen da suka kira ka sau uku sun riga sun kashe lokaci a kanka. Tambayar kafin ko bayan cire-cire kuwa ba ta taɓa korar kowa daga aiki ba.

Ɗan Tudun Wada: Ka nemi wani da ke aiki a can ka ji nawa ake ba sababbi. Mai gadi ma ya san komai.

Mai tambaya: Na gode duka. Sai dai akwai abin da na manta ban faɗa ba. A fom ɗin farko akwai gurbin albashin da kake so, na rubuta dubu 120, saboda a lokacin ina tsoron kada a ajiye takardata. Kuma ni a ganina ban yi laifi ba, da na rubuta 200 da ba su kira ni ba.

Anti Mai Lissafi: Innalillahi. Ka rubuta 120 suka ce 150? To kasafinsu ya fi haka, ko kuma 150 ɗin kafin cire-cire ne don ya sauka kusa da abin da ka rubuta. Ka ce a lokacin ba ka san ana fita Asabar ba.

Mai tambaya: Ban ma tabbatar ana fita Asabar ɗin ba, Anti. Kawu ya kira ni yanzu, ya ce duk abin da suka faɗa in ce to, zai yi wa manajan magana daga baya.

Ɗan Tudun Wada: Da baki?