Alhaji na ta ƙara mini aiki, kuɗi kuwa yana nan yadda yake

Mai fenti, Garin Malam: Salamu alaikum. Mun yi ciniki da wani Alhaji a Birni zan yi masa fentin ɗaki uku da falo, jika 90 kuɗin hannu, kaya nasa. Ina cikin yi ya ce in shafa wa ƙofar gida, na shafa. Yanzu ya ce katangar waje ma. Saura jika 40 a hannunsa, kuma abokin babana ne. Yaya zan yi?

Magini, Zango: Ka kwashe kayanka sai ya biya.

Tsohon kafinta, Karkada: Kada ka soma, ɗana. Ka tafi da jika 40 a hannunsa, gobe ka ji an ce kai ka gudu ka bar aiki. Ka gama ɗakuna da falo tukuna, ku zagaya tare ya gani, ka karɓi cikon kuɗinka. Katanga sabon ciniki ce, kada buroshi ya taɓa ta sai kun tsayar da magana.

Kuɗin kuwa daga cinikin farko za ka fitar da shi. In aikin jika 90 na kwana 6 ne, yininka da yaronka jika 15 ke nan. Katanga in za ta ci kwana 2, jika 30. Amma ka shafa ta da tafin hannu kafin ka yanke: in farin gari ya biyo hannunka ko tsohon fenti na ɓarewa, sai an kankare an cike tsaga, wannan wani yini ne. Ka same shi shi kaɗai, ban da gaban baƙi, ka ce: "Baba Alhaji, katanga ba ta cikin maganarmu ta farko. Na auna, jika 30 ne. In kun amince in fara Asabar." Ya amsa, ka maimaita masa a saƙon murya na WhatsApp.

Tela, Kasuwar Dole: Ni ma haka wata hajiya ta yi mini da zaren ado. Ka sa shi ya sayo fentin da kansa.

Mai fenti: Yaya, ai shi ke saye. Wahalata ce ba a lissafa ba. To ƙofar fa, Baba? Ta ƙarfe ce, sai da na goge tsatsa na yi mata fentin mai shafi biyu.

Tsohon kafinta: Wannan ta wuce, tunda ba ka faɗi kuɗi ba kafin ka yi. Sai dai ka ambata masa cewa ita ka bar masa kyauta, don ya san tana da kuɗi.

Magini: Ban yarda ba. Yini guda cur ya tafi a banza? Ka ce katanga jika 40, ƙofar ta fito a ciki.

Tsohon kafinta: In ya kira wani mai fenti ya taya masa 30 fa?