Na kai takardar neman ɗage jarrabawa an dawo mini da ita sau biyu, ina kuskuren yake?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji uku a wata jami'a. Saura kwana 5 a fara jarrabawar zango na biyu taifot ta kayar da ni, aka ba ni gado kwana 9 a wani asibitin kuɗi kusa da gidanmu. Kafin in farfaɗo darussa 4 sun wuce ni.

Da aka sallame ni na rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban tsangaya. Na sa lambar rajistata, lambobin darussan da ranakun da aka rubuta su, na haɗa da rahoton likita, sakamakon gwajin jini da takardar sallama. Sakatariya ta dawo mini da ita, wai sai ta bi ta hannun malamin da ke kula da ajinmu da shugaban sashe. Na gyara, duka suka sa hannu.

Karo na biyu kuma aka ja layi da jan biro ƙarƙashin hatimin asibitin, aka rubuta cewa sai asibitin jami'a ya tantance rahoton. Na je can, ma'aikacin ya buɗe katina ya ce ba su da shaidar na kwanta, tunda ban sanar da su ba ina jinya. Mutumin da ƙarin ruwa ke hannunsa, ta ina zai sanar?

An kusa zaman tantance sakamako, ina tsoron a rubuta mini faɗuwa.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, wace takarda zan karɓo daga asibitin da na kwanta har likitan jami'a ya yarda ya sa hannu? Na gode.