Firinta da Chromecast sun ɓace bayan raba VLAN

Jama'a don Allah ku taimaka min. A ofishinmu nan Gombe na raba netwok, ma'aikata VLAN 10, firinta da Chromecast VLAN 20, tun lokacin wayoyi suka daina ganinsu, alhali `ping` na zuwa lafiya lau. Na san mDNS a 224.0.0.251 UDP 5353 yake kuma rauta ba ta tsallakar da shi, shi yasa na ɗora Avahi a kwamfuta mai ƙafa a VLAN biyun na sa `enable-reflector=yes`. To yanzu sunan firintar na fitowa amma in an tura aiki sai ya maƙale, Chromecast ɗin kuwa ya fito ya ɓace. Fayawol ce ta tare 631 da 8009, ko IGMP snooping na suwic ɗin zan duba?