Yaya zan buɗe imel ɗin farko ga otal ɗin da bai san ni ba?

Jama'a, ku taimaka min. Ina da ɗan shagon wanki da guga a Kano, ma'aikata 3, kuma ina son wani otal ya ba mu wankin zannuwan gado da tawul. Ba su taɓa jin sunanmu ba.

Layin farko ne ya tsaya min. Na rubuta doguwar gaisuwa da tarihin shagon, na karanta sai na ji kamar takardar roƙo. Na goge na fara da farashi, shi kuma ya yi tsaurin ido. Kwana 4 ke nan imel ɗin yana ajiye ban tura ba.

Adireshin da na samu ma na teburin karɓar baƙi ne, ban san sunan manajan ba. In je in tambayo sunansa tukuna? Kuma tayin wanke zannuwa 10 kyauta don gwaji, zai jawo su ko zai zubar mana da daraja?