Na sa log a kuɗin albasa, yanzu yaya zan karanta 0.47 ɗin nan?

Ɗan Madawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina rubuta memuwar nan Yamai kan manoman albasa na wajen Galmi, mutum 212 na yi ma anket. Kuɗin da sunka samu a shekara, mafi yawansu jika 200 zuwa 600 ne amma akwai ƴan kaɗan da sunka wuce miliyan 5, istogiram ɗin jela gare shi doguwa ta dama. Sai na sa log. Ga abin da R ya ba ni:

```
lm(log(kudi) ~ inji + log(fadi) + shekaru)
inji       0.47
log(fadi)  0.82
shekaru    0.015
```

inji 1 ne in mutum yana da injin ban ruwa, 0 in babu. fadi ekta ne, shekaru kuma shekarun da ya yi yana noman. Na rubuta masu inji sun fi samu da kashi 47 cikin 100, daidai ne? Kuma mutum 14 kuɗinsu sifili ne, R ya ƙi tafiya sai da na fidda su. Sutnans ta kusa don Allah.

Mai Shayi 2: Daidai ne ƙanena, in y yana cikin log ka ninka kowefisiyan da 100 ka samu kashi, haka munka koya. Kuma ka yi kyau da ka sa log don regiresiyon ba ta yarda da done da ba normal ba, ka yi ma kudi gwajin normal na Shafiro ka gani. Sifilin nan ka ƙara 1 kawai, log(kudi+1), kowa haka yake yi.

Malama Lissafi: Wa alaikumus salam. Mai Shayi ninkawa da 100 ɗin nan gajerar hanya ce, tana aiki in lambar ƙarama ce, amma a 0.47 ta ɓatar da kai.

Ɗana ka duba abin da model ɗin yake cewa. Manomi biyu, faɗin gona ɗaya, shekaru ɗaya, ɗaya da inji ɗaya babu, log ɗin kuɗinsu ya bambanta da 0.47. To bambanci a cikin log ninki ne a kuɗin gaske, sai ka warware shi da exp. exp(0.47) = 1.60. Ke nan in marar inji yana wajen jika 400, mai inji irinsa yana wajen 640. Ƙarin kashi 60 ne ba 47 ba. Abin da za ka buga:

```
100 * (exp(0.47) - 1)
```

Wani abu da ke rikita ɗalibai kowace shekara, in ka juya maganar ba 60 za ka samu ba. Daga 640 ka sauko 400 an rage 240 cikin 640, kashi 37.5 ke nan, kuma shi ne exp(-0.47) = 0.625. Saboda haka "masu inji sun fi da kashi 60" da "marasa inji sun gaza da kashi 37.5" magana ɗaya ce. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, kada ka rubuta marasa inji sun gaza da 60, na taɓa ganin wannan a memuwar har an ɗaure ta.

Na shekaru shi ne inda dabarar Mai Shayi take ci, exp(0.015) = 1.015, kashi 1.5 kowace shekara guda. Amma in kana son ka ce shekara goma, ka ninka kowefisiyan ɗin tukuna sannan exp, exp(0.15) = 1.16, kashi 16.

Shi kuma fadi tunda log ne gefe biyu ba ka sa masa exp kai tsaye. Gona ta ƙaru da kashi 1 kuɗi ya ƙaru da kamar 0.82 cikin 100. Amma ba manomin da ke ƙara gona da kashi 1, ka ba juri misalin da za su iya gani da ido, wanda ya ninka gonarsa biyu: 2^0.82 = 1.77. Gona ta ninka, kuɗi bai kai ninki ba, kashi 77 ya ƙaru. Ni a gare ni wannan ya ma fi labarin injin daɗi, don yana nuna manyan gonaki suna samun ƙasa a kan kowace ekta. Sai dai ka duba `confint()` kafin ka faɗa da ƙarfi, in tazarar ta haɗa da 1 ba ka da bakin cewa haka.

Ɗan Madawa: Kai Malama Allah shi saka da alheri, da na shiga gaban juri da 47. To confint na inji shi ma exp zan sa ma iyakokin biyu? 0.29 da 0.65 ya ba ni

Malama Lissafi: E. exp(0.29) = 1.34, exp(0.65) = 1.92, wato daga kashi 34 zuwa 92. Za ka ga 60 bai zauna tsakiya cif ba, kada ka ɗauka kuskure ne, haka yake fitowa.

Hajiyar Famasi: ni ma irin wannan ta same ni bara da tsawon kwanan da marasa lafiya suke yi a gado, ni na yi a Excel abokiyar aikina ta yi a Stata, done ɗaya model ɗaya amma nawa kowefisiyan duk sun fi nata ƙanƙanta wajen rabi, mun kwana biyu muna zargin juna ashe ni LOG() na buga ita ln(). har yau in na tuna sai in yi dariya

Malama Lissafi: Hajiya LOG() na Excel in ba ki ba shi tushe ba na 10 ne, LN() shi ne namu. Tsakaninsu ninki 2.303 ne, da yaron nan ya yi da LOG() da 0.204 zai gani a madadin 0.47, kuma 10^0.204 shi ma 1.60 ne. Matsalar sai an sa ma 0.204 exp a samu kashi 23. A R da Stata log() na asali ne, shi yana lafiya.

Mai Shayi maganar normal kuma. Regiresiyon ba ta nemi kudi kansa ya zama normal ba, rezidu ake dubawa, wato tazarar da ke tsakanin kuɗin gaske da abin da model ya hango, kuma da mutum kusan 200 ko su ba sai sun yi normal tsaf ba. Abin da za ka duba ɗana, ka yi model ɗin ba log, ka sa masa suna m, ka buga `plot(m, 1)`. In ɗigon sun matse ta hagu sun baje ta dama kamar mazurari, ma'ana kuskuren model yana girma yadda kuɗi ke girma, nan log yana da dalili. Dalili na biyu ya fi ma ƙarfi, ka tambayi kanka inji yana ƙara ma kowa jika 200 ne daidai wa daida, ko yana ninka abin da mutum ke samu. Mai rabin ekta da mai ekta huɗu ba za su samu ƙari ɗaya ba, ninki ne, kuma wannan ne log yake faɗa.

Baban Tabalak: Ku gahwarce ni ni ba ɗan lissahi ba ne, albasa nika saye in kai Kwatano. Amma ɗan nan, mutum 14 da ka ce sihili, mi ya same su? Don in ka tahi anket watan huɗu lokacin da anka cire albasa kasuwa ta hwaɗi, da yawa ba su saida ba, suna zuba ta cikin rudu su jira kuɗi shi tashi. In ka tambaye shi nawa ka samu sai ya ce maka ko dala. Kuma sau da yawa mai ƙarhi ne ka iya jira, talaka tun a gona yake saidawa ya biya bashin taki.

Ɗan Madawa: Baba wallahi ban yi wannan tunani ba. Na koma fish ɗin yanzu, tara an rubuta "bai sayar ba tukuna", biyar ne albasarsu ta lalace

Injiniya Ba Aiki: To ka ga taran nan ba sifili ba ne, ba a san kuɗinsu ba ne kawai. Ko ka kira su ka ji nawa sunka sayar daga baya, ko ka ƙiyasta da buhunan da sunka ajiye ka faɗa a fili cewa ƙiyasi ne, ko su zama NA. Biyar ɗin ne sifili na gaskiya.

Kuma don Allah kada ka yi +1 ɗin nan. Gwada da kanka ka gani, in kudi yana cikin sefa mai jika 400 log ɗinsa 12.9 ne mai sifili kuma log(1) = 0, rami mai zurfin 12.9 alhali sauran mutane duka suna tsakanin 11 da 16. In ka rubuta kuɗin da jika-jika mai 400 ya koma 6.0 sifili yana nan 0. Manomi ɗaya gona ɗaya amma kowefisiyan ɗin inji zai canza don kawai ka canza awo, to wanne za ka kai ma juri? Ni abin da nake yi:

```
glm(kudi ~ inji + log(fadi) + shekaru,
    family = quasipoisson)
```

yana karɓar sifili, ba ka taɓa kudi ba, kuma exp na kowefisiyan ninki ne kamar dai yadda Malama ta nuna.

Malama Lissafi: Kan +1 muna tare. Kan glm ban ƙi ba amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, kada ya yi tsammanin 0.47 zai sake fitowa. lm da log yana magana kan manomi na tsakiya, glm ɗinka yana magana kan mwayan, kuma masu miliyan 5 ɗin nan suna jan mwayan sosai. Shi ya sa ma in ya ɗauki abin da `predict()` ya ba shi, a ce 12.9, ya sa exp ya samu jika 400, wannan kusan mediyan ne. In mwayan yake so sai ya ninka da gyara. In rezidu sun yi kusa da normal kuma sigma ɗinsu a ce 0.7 ne, gyaran exp(0.7^2/2) = 1.28, jika 400 ta koma wajen 511. In bai yarda da normal ba akwai gyaran Duan na 1983, `mean(exp(resid(m)))`, nan m ɗin model mai log ne. Wanda ya manta wannan ya tara kuɗin ƙauye duka, lissafinsa zai gaza.

Da mutum biyar kacal ni zan bar lm ɗin, in rubuta a fili cewa sakamakon na waɗanda suka sayar ne, in ba biyar ɗin sakin layi nasu.

Injiniya Ba Aiki: Malama da girmanki amma in biyar ɗin duka marasa inji ne fa? wata ƙila rashin ruwan ne ya kashe musu albasar, in ya fidda su ya ɓoye wani yanki na amfanin injin ke nan

Malama Lissafi: Wannan gaskiya ne. Ɗana duba mana su wane ne.

Ɗan Madawa: huɗu ba su da inji, ɗaya yana da. zan yi duka biyun in sa su tebur ɗaya in kai ma ankadirer gobe. Baba in na samu lambobin taran nan zan kira su, amma yanzu wata shida ke nan ban san ko za su tuna ba

Baban Tabalak: Kuɗin albasa? Za su tuna har buhun da ya ruɓe. Sai dai ka ce musu kai ɗan lakkwal ne tun da farko, in ba haka ba su ɗauka mai lanho ne su rage maka rabi.