QR ɗina ba ya karantuwa a wayar kwastomomi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a Kawo. Na je banki da BVN da NIN na cike fom ɗin karɓar kuɗi ta NQR, wato tsarin da kwastoma ke biya ta hanyar yin sikanin lambar QR da wayarsa, suka haɗa shi da asusun shago, suka ba ni lambar na buga na manna a jikin kanta.

Matsalar ita ce wasu kwastomomi na ɗora kyamarar waya a kai, sai ta nuna musu dogon jerin lambobi da haruffa kawai. An ce sai sun shiga manhajar bankinsu sun yi sikanin daga ciki. Masu yin hakan sunan shagona na fito musu, su sa kuɗi da PIN, shi ke nan. Amma wasu ko ta manhajar ba ya karantuwa, musamman da daddare. Ledar da na lulluɓe takardar da ita tana ƙyalli a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ita nake zargi. Ko kuwa manhajarsu ce ba ta karɓar NQR? Ta yaya zan bambance?

Sannan in alat ya makara, ina zan duba kafin in miƙa kaya? Rasit ɗin wayar kwastoma dai bai gamsar da ni ba. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka.